Kwana 19 ina jiran jami'a, ashe ita take jirana

Ranar da na danna maɓallin aikawa a shafin neman gurbin digiri na biyu na wata jami'a a Birtaniya, allo ya nuna min kalma ɗaya cikin koren rubutu: *Submitted*. Na ɗauki hotonta na tura wa Yaya, wadda ta riga ni bin wannan hanyar da 'yan shekaru. Amsarta ba ta yi min daɗi ba. Cewa ta yi, "Madalla. Ka sake leƙawa jibi, ka sauka har ƙasan shafin." Na ce a raina, mutum ya yi wata biyu yana haɗa takardu, ko barka mai kyau ba za a yi masa ba. Ban sauka ƙasan shafin ba.

Da na leƙa bayan kwana uku, kalmar ta canza. Yanzu *Incomplete* ce, cikin ruwan ɗorawa. Na san ma'anarta a Turance, abu bai cika ba. Sai dai na yi mata fassarar da ta dace da son raina: wato su ne ba su kammala duba takarduna ba, aikinsu ne bai cika ba tukuna. Ai ni na cike kowane gurbi, na ɗora duk abin da aka ce a ɗora, kuma na ga koren rubutu da idona. Don haka na naɗe hannu. Kullum da safe in buɗe, in ga *Incomplete*, in rufe, in ce Turawan nan ma ashe suna da nawa. Haka na yi kwana 19.

Yaya ce ta tambaye ni a waya inda aka kwana. Da na faɗa mata kalmar, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kai yaron nan, tun yaushe?" Na faɗa mata. Ta ce in buɗe shafin yanzu tana kan layi. A ƙarƙashin babban lakabin, sai an ja shafi ƙasa sosai, akwai wani jeri mai suna *Checklist*, kowace takarda da layinta da alamarta. Fasfo, an karɓa. Bayanin dalilin neman karatu, an karɓa. Takardar sakamako, an karɓa. Wasiƙar shaida ta farko, *Received*. Wasiƙar shaida ta biyu, *Awaiting*.

A nan ne ta faɗa min abin da na riƙe har ƙarshen tafiyar. Ta ce lakabin da ke saman shafin ba labarin makomata yake ba ni ba, yana faɗa min ne a hannun wa fayil ɗina yake a wannan lokacin. Ko dai a hannuna, ko a hannun wani da na wakilta, ko a hannun jami'a. Duk lokacin da na ga sabuwar kalma, tambayar farko ita ce wa ake jira. *Submitted* na nufin fom ya bar hannuna ya shiga na'urarsu, ba wai wani mutum ya karanta ba. *Incomplete* kuwa na nufin fayil ɗin yana ajiye a ofishin karɓar ɗalibai, ba a miƙa shi ga masu yanke hukunci ba, domin akwai abin da ake jira daga ɓangarena. Akwai jami'o'in da ke fara dubawa ko da wasiƙar shaida ba ta iso ba, amma wannan a ka'idarta ta rubuta cewa ba ta taɓa fayil sai ya cika. Kwana 19 ɗin nan ko layi ban shiga ba.

Abin da ya sa na ruɗe shi ne wasiƙar shaida ba ni nake ɗora ta ba. Ni dai na rubuta suna da adireshin imel na malamaina biyu a cikin fom, na'urar jami'ar ita ce ke aika wa kowannensu saƙo da mahaɗin da zai bi ya ɗora wasiƙarsa da kansa. Ɗaya ya yi nasa cikin kwana biyu. Na biyun, wanda ya duba min aikin bincikena na shekarar ƙarshe, shiru. Na yi ta juya yadda zan tunkare shi, don ba a cewa babba ya manta. Daga ƙarshe na kira.

"Ranka ya daɗe, Malam, dama kan maganar wasiƙar nan ce da na roƙa. Jami'ar ta ce ta turo saƙo, na ce ko Allah ya sa ya iso."

"Wane saƙo? Ni ban ga komai ba. Wasiƙarka tana nan na rubuta tuni, ina jira su nema."

Na roƙe shi ya duba akwatin *Spam*. Can ya tarar da shi, tsakanin tallace-tallace. Da ya danna mahaɗin kuma, sai ya ce masa wa'adinsa ya wuce. Kowa na jiran kowa: Malam na jiran jami'a, jami'a na jiran Malam, ni ina jiran jami'a. A gefen sunansa a shafina akwai ɗan maɓalli, *Resend request*, wanda yake nan tun ranar farko. Na danna, sabon saƙo ya tafi, ya ɗora wasiƙar a daren. Wani abu kuma da na koya a nan: adireshin da na ba su nasa na kashin kansa ne, ba na jami'ar da yake koyarwa ba, kuma jami'o'i da yawa ba su yarda da shaidar da ta fito daga irin wannan adireshin ba sai in tana kan takarda mai tambarin makaranta da sa hannu. Allah ya taimake ni tasa haka take, shi ya sa ta wuce.

Washegari na buɗe da zumuɗi, *Incomplete* tana nan daram. Raina ya ɓaci. Amma layin wasiƙar ya koma *Received*, babban lakabin ne kawai bai motsa ba. Ashe layukan ƙasa na'ura ce ke canza su da zarar fayil ya shiga, shi kuwa na sama sai ma'aikaci ya buɗe ya tabbatar ya canza da hannunsa. Kwana huɗu na aiki ya ɗauka. Wannan ma darasi ne: *Received* na nufin wani abu ya shiga gurbin, ba ta nufin an duba an ga shi ne abin da ake so. Da hoton kyanwa ka ɗora a gurbin fasfo, *Received* za ka gani.

Sai aka shiga *Under review*.

Wannan ita ce kalmar da ta fi cin rai, don babu abin da za ka yi. Fayil ya bar hannunka gaba ɗaya. Na yi zaton tana nufin a wannan sa'ar wani farfesa na zaune da takarduna a gabansa. Ba haka ba ne. Tana rufe komai tun daga fayil na kwance a layi ba wanda ya taɓa shi, har zuwa an gama yanke hukunci ana jiran a rubuta wasiƙa. A jami'ar da nake magana, tafiyar hawa biyu ce. Ofishin karɓar ɗalibai ya fara dubawa ko digirina da makinsa sun kai mafi ƙarancin abin da suke nema idan an auna da ma'aunin Birtaniya, sannan a miƙa wa sashen da zai koyar da kwas ɗin ya karanta bayanina da wasiƙun shaida. Wasu shafukan suna nuna wannan hawa na biyu da lakabi dabam, irin su *With department*, tawa kuwa kalma ɗaya ta riƙe daga farko har ƙarshe.

Na ɓata lokaci ina karanta alamu inda babu su. In na ga ranar *Last updated* ta canza sai gabana ya faɗi, alhali sau da yawa ba komai ba ne illa wani ya buɗe fayil ya rufe, ko na'ura ta sabunta kanta. Na kuma shiga wani zauren masu neman gurbi inda kowa masani ne. Wani ya ce in an daɗe alama ce ta alheri, don waɗanda za a ƙi da wuri ake sallamarsu. Wani ya ce akasin haka. Wata ta samu amsa cikin kwana 10 a jami'a ɗaya da ni, na kwana ban yi barci ba, sai daga baya na gane kwas ɗinta dabam ne, sashenta dabam, kuma su suna yanke hukunci ne a kan kowane fayil da zarar ya iso. Nawa sashen kuwa tara fayiloli yake yi zuwa wata rana, ya kwatanta su gaba ɗaya, ya fitar da amsa rukuni-rukuni. Wannan bayanin yana rubuce a shafin kwas ɗin da ranakunsa. Tsawon jira ba ya nuna komai game da kai, tsarin sashen yake nunawa. Kuma kwana 19 ɗin da na yi a zaune su suka sa na kuskure rukunin farko na faɗa na biyu, inda gurabe sun ragu.

Abu ɗaya mai amfani da mutum zai yi a wannan matakin shi ne ya nemo tsawon lokacin da jami'ar ta ce tana ɗauka, ya ƙirga daga ranar da fayil ya cika, ba daga ranar da ya aika fom ba. In lokacin bai wuce ba, rubuta musu ɓata tawada ne, amsar da aka tanada wa kowa za su turo. In ya wuce, saƙo gajere da lambar ɗalibin da suka ba ka a samansa ya isa.

A mako na biyar sai lakabin ya koma baya. *Under review* ta ɓace, *Incomplete* ta dawo, da ƙarin layi a ƙasa: *Further information required*. Na ɗauka an ƙi ni ne cikin ladabi. Wannan karon dai na sauka ƙasan shafin da kaina. Takardar sakamakona, wadda ke jera kowane darasi da makinsa, ita ce matsalar. Shafi uku na yi wa hoto, gaba kawai. A bayan shafin ƙarshe akwai jadawalin da ke bayyana ma'aunin makin jami'armu, wane harafi ne ke daidai da wane maki, kuma daga nawa zuwa nawa ne kowane matakin digiri. Ni ban taɓa ɗaukar wannan bayan a matsayin wani ɓangare na takardar ba, kamar rubutun bayan rasit nake ganinsa. Ga mai dubawa a can kuwa, in babu shi, lambobin gaban ba su da ma'ana, don ba kowace jami'a ke auna maki a kan ma'auni ɗaya ba. Sun ba ni kwana 14, kuma sun rubuta cewa in ban turo ba za su iya rufe neman. Na sake ɗaukar hoton takardar gaba da baya, na haɗa a fayil ɗin PDF guda, na ɗora a ranar.

Yaya ta ce in kwantar da hankalina, komawa baya irin wannan ba mugun abu ba ne. Hasali ma ita ce shaida ta farko da na samu cewa ɗan Adam ya buɗe fayil ɗina ya karanta har ya ga abin da babu. Haɗarin kawai shi ne mutum bai gani ba. Saƙon sanarwar da suka aiko min ta imel kwana biyu ya yi kafin in lura da shi, da ban saba buɗe shafin da kaina ba da wa'adin ya ci rabi.

Bayan mako uku, da yamma, imel ya shigo cewa an sabunta matsayin nemana, in shiga in gani. Ba sa faɗar hukunci a imel ɗin. Hannuna na rawa na yi kuskuren kalmar sirri sau biyu. Da shafin ya buɗe: *Conditional offer*.

Kalma ta biyun kawai idona ya gani. Kafin minti goma na sanar da mutum ya fi ashirin cewa na samu. Da na kira Yaya ina ihu, ta taya ni murna da gaske wannan karon, sannan ta ce, "To, karanto min sharuɗɗan." Na ce waɗanne? Ta ce, "Ƙanena, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Akwai wasiƙa a ƙasa, sauke ta."

Wasiƙar shafi huɗu ce. Ma'anar tayin mai sharaɗi ita ce: mun ajiye maka gurbi, naka ne idan ka cika abubuwan nan kafin rana kaza. Alkawari ne na gaske, in ka cika ba za su ce sun fasa don sun ga wanda ya fi ka ba. Amma in ka gaza ko da ɗaya, ba su da wani nauyi a kanka. Fayil ya sake dawowa hannuna ke nan. Sharuɗɗana biyu ne. Na farko, in kawo ainihin takardar shaidar digiri mai nuna matakin da ya yi daidai da 2:1 na Birtaniya, wato matakin da ke bin na ɗaya a darajar digiri, domin lokacin da na nema takardar wucin gadi ce a hannuna. Na biyu, sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da jimillar 6.5, kuma kada wani ɓangare ya gaza 6.0.

Abin da ya kusa kayar da ni tun kafin a je ga sharuɗɗan shi ne ranaku. Wa'adi uku ne a cikin wasiƙar, a shafuka dabam-dabam, ni kuwa na ɗauka ɗaya ne. Akwai ranar da dole in amsa cewa na karɓi tayin, wadda ta fi kowacce kusa, makonni huɗu kacal. Akwai ranar biyan kafin alƙalami, wani kaso na kuɗin makaranta da ke riƙe gurbin. Sannan akwai ranar ƙarshe ta cika sharuɗɗa, can cikin bazarar Turai. Tunanina shi ne ba zan danna *Accept* ba sai na cika sharuɗɗan, don kada in yi alkawarin abin da ban tabbatar ba. Da na bi wannan tunanin da tayin ya mutu a hannuna ina can ina karatun jarrabawa. Karɓar tayi cewa ne kawai ina so, a ci gaba da ajiye min. Cika sharaɗi aiki ne dabam da ke zuwa daga baya. Na danna, lakabin ya koma *Conditional offer accepted*. Kafin in biya kafin alƙalamin kuma na karanta ka'idar mayar da kuɗi layi-layi, na ga sun rubuta cewa suna mayarwa idan mutum ya yi jarrabawa bai kai makin ba kuma ya kawo shaida, amma ba sa mayarwa idan ra'ayi ya canza kawai. Kowace jami'a da tata ka'idar a nan, ba a ɗaukar ta wata a auna wata.

Wani ɗan bayani a gefe ga masu neman digirin farko a Birtaniya, don ƙanwar abokina ta tambaye ni: su ta UCAS suke bi, wato cibiyar da ke karɓar neman gurbin digirin farko a madadin jami'o'in ƙasar, inda mutum ke zaɓar kwas har biyar a fom ɗaya, kuma idan tayi ya zo ba zai riƙe fiye da biyu ba, ɗaya *Firm* wanda ya fi so, ɗaya *Insurance* na ko-ta-kwana idan bai cika sharaɗin na farkon ba. Mu masu digiri na biyu yawanci kai tsaye muke nema a shafin kowace jami'a, kowacce da kalmominta.

Takardar digiri ba ta ba ni wahala ba, na karɓo na ɗora, bayan mako guda layinta ya koma *Condition met*. Turancin ne ya nuna min da sauran rina a kaba.

IELTS ɓangare huɗu ce, saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne ana ba shi maki har zuwa 9, sannan a haɗa a raba huɗu a samu jimilla. Da sakamakona ya fito, idona ya tafi kan babbar lambar: 6.5. Daidai abin da aka nema. Na ɗora a shafin cikin farin ciki, na fara duba masauki. Bayan kwana shida layin ya nuna *Condition not met*. Na sake duba takardar a natse. Saurare 7.0, karatu 7.0, magana 6.5, rubutu 5.5. In ka haɗa, 26 ne, raba huɗu, 6.5 cif. Jimillar ta kai, amma ƙarfin sauran ukun ne ya ɗauke ta, rubutun ya gaza da rabin maki. Sharaɗin kuwa gaɓa biyu ne, kuma ta biyun tana nan baƙi a kan fari tun ranar farko. Na karanta ta, har na karanta wa Yaya a waya, amma ƙwaƙwalwata 6.5 kawai ta adana.

Abin lura, babban lakabin sama bai canza ba ko kaɗan. *Conditional offer accepted* yake nunawa, lafiya lau. Wanda ke kallon sama kawai zai zauna yana jiran a mayar masa da shi cikakken tayi har wa'adi ya wuce. Kuskurena na kwana 19 ne ya so ya maimaita kansa da wata riga.

Na rubuta musu, ba don roƙon a yafe min rabin maki ba, don Yaya ta ce da wuya ofishin ya iya, ba su ne suka kafa ma'aunin ba. Tambayoyi biyu na yi: ko suna karɓar sake jarrabawar ɓangare ɗaya, da kuma ko rabin makin zai ba ni damar shiga kwas ɗin share fage na Turanci da ake yi kafin zangon karatu. Masu IELTS suna da tsarin da suke kira *One Skill Retake*, wanda ke ba wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta damar sake ɓangare guda cikin kwana 60 daga ranar jarrabawar farko. Sai dai ba kowace jami'a ke karɓa ba, shi ya sa tambaya ta zama dole kafin a biya. Amsa ta zo cewa suna karɓa. Kwas ɗin share fage ma zai yiwu, amma yana nufin ƙarin kuɗin makaranta da na zama, da tafiya da wuri, ga shi sun ce don shi sai in kawo nau'in jarrabawar da hukumar biza ta amince da shi, wato in sake zama gaba ɗaya. Na zaɓi sake rubutun. Makonni uku na yi ina rubuta maƙala biyu kullum da agogo a gabana, wani abokin karatuna yana ja min jan biro. Matsalata ashe ba nahawu ba ce: ɓangaren rubutun aiki biyu ne, ni kuwa ina cinye lokaci a aikin farko in bar na biyun, wanda ya fi nauyi a maki, rabi da rabi. Na samu 6.0. Ba yabo ba fallasa, amma shi ake nema.

Na ɗora sabon sakamakon, na rubuta lambar takardar a gurbin da suka tanada, domin da ita suke tabbatarwa daga wajen masu jarrabawar cewa ba jabu ba ce. Kwana tara bayan haka, *Unconditional offer*.

Na so in huta a nan, amma wasiƙar ita ma tana da nata shafi na biyu. Cikakken tayi na nufin jami'a ta gama da ni ta fuskar karatu, gurbin nawa ne. Ba ya nufin ina da abin da zan nemi biza da shi. Wannan sai da CAS, wadda ba takarda ba ce ma a zahiri, lamba ce da jami'a ke samarwa a tsarin hukumar shige da ficen Birtaniya don shaida cewa ita ta ɗauki nauyin zuwan ɗalibin. Ana amfani da ita sau ɗaya, kuma tana aiki tsawon wata shida. Ba a ba mai tayin sharaɗi, shi ya sa duk ranar da mutum ya ɓata wajen cika sharaɗi, daga lokacin bizarsa ake cire ta. Sabon jeri ya buɗe a shafina da nasa lakabai, aka sake neman fasfo, aka tambaye ni ko na taɓa karatu a Birtaniya ko an taɓa hana ni biza, aka nemi shaidar kuɗi. Dokar biza tana so kuɗin ya zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da ya sauka ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, don haka wanda ya jira sai ya ga *Unconditional offer* sannan ya fara tara kuɗin, ya ƙara wa kansa wata guda. Wannan kam Yaya ta sa na fara tun ina fama da rubutu.

Kafin su fitar da lambar sun turo min daftarin bayanan da za su shigar, in duba in tabbatar. A da, da na danna amincewa ba tare da kallo ba. Na ɗauko fasfo na ajiye a gefen allo, na bi harafi-harafi. Suna daidai, ranar haihuwa daidai, lambar fasfo daidai, sunan kwas daidai. A layin kuɗin da na riga na biya kuwa sifili ne, kafin alƙalamin bai hau ba, domin ofishin kuɗi da ofishin karɓar ɗalibai ba su haɗa lissafi ba tukuna. Da ta fita a haka, da sai na nuna wa masu biza kuɗin da ya fi wanda nake da shi a asusu. Na tura musu rasit, suka gyara cikin kwana uku, ranar Alhamis lakabin ya koma *CAS issued*.

Jami'a ta biyu da na nema tare da wannan, wadda ba ta taɓa neman komai daga gare ni ba, tana nan a *Under review* duk tsawon wannan lokacin. Na shiga na danna *Withdraw*, na rubuta wa Malam saƙon godiya, na buɗe fom ɗin biza.